Lambar waya ta juye a takardar ajami: wace gyara ce ta fi riƙewa?

Wata makarantar Islamiyya da ke Tudun Wada ta ba ni takardar sanarwa mai shafi ɗaya in mayar mata daga boko zuwa ajami, saboda iyayen yara da yawa, musamman dattawa, sun fi sakewa da ajamin. A cikin takardar akwai lambar wayar shugaban makaranta, da lambar asusun banki, da kuɗin zango, da lokacin tashi, sai kuma sunayen jarrabawa uku da aka ce in bar su da boko: WAEC, NECO, JAMB. Na gama, na duba a kwamfutata komai daidai. Washegari magatakardan makarantar ya kwafe rubutun ya tura zauren iyaye na WhatsApp, sai ga shi ya kira ni.

"Malam, lambar nan fa ba ta shiga. Wani dattijo ya ce sau uku yana bugawa ana ce masa babu irin wannan lamba."

Da na buɗe saƙon na ga abin da ya faru. Ba a sauya ko lamba ɗaya ba, amma rukunonin sun yi musayar wuri. Bari in yi misali da lambar bogi:

```
Abin da aka buga:  0123 456 7890
Abin da ya fito:   7890 456 0123
```

Akwai hanyoyi huɗu da masu fassara da masu buga takardu ke bi su gyara irin wannan, duk na gwada su, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Amma sai an san dalilin juyewar kafin zaɓin ya yi ma'ana.

Kwamfuta tana ajiye rubutu ne bisa jerin da aka danna shi, harafi bayan harafi. Sai an zo nunawa a fuskar na'ura take yanke wa zai zauna dama, wa zai zauna hagu, bisa wata ƙa'ida ta Unicode da ake kira UAX #9. A wannan ƙa'ida haruffa suna da alƙibla tasu: na boko suna tafiya hagu zuwa dama, na Larabci dama zuwa hagu, kuma ajaminmu yana bin na Larabci ne sak. Lambobin da ke manne da juna kullum hagu zuwa dama suke tafiya, ko na boko ne ko na Larabci. Amma tazara, da waƙafi, da aya, da baka, da alamar + ba su da alƙibla. 'Yan bi-yarima ne, suna duba na damansu da na hagunsu su bi. Idan maƙwabtan biyu sun saɓa, sai su bi alƙiblar sakin layin gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakanin 0123 da 456 a cikin ajami ana lissafa ta dama zuwa hagu ce, shi ya sa kowane rukuni ya zauna daidai a cikinsa, amma jerin rukunonin ya faro daga dama. Sauya zanen harafi daga Alkalami zuwa Harmattan ba zai taɓa wannan ba, domin ba aikin zanen harafi ba ne.

Kafin kowace gyara akwai abu ɗaya da ba zaɓi ba ne. Dole sakin layin kansa ya zama na dama zuwa hagu. Mutane da yawa suna danna `Align Right` ne kawai, rubutu ya koma dama, su ɗauka sun gama. Wannan tura rubutu gefe ne kurum. Alamar da ke tona asiri ita ce aya: idan jimlar ajami ta ƙare amma ayar ta fito a gefen dama na layin, kusa da farkonsa, to sakin layin har yanzu na boko ne. A Word, in an kunna harshen Larabci, `Ctrl` tare da `Shift` na dama yana juya shi, ko a danna `Right-to-Left Text Direction`. Rabin ƙorafin da ake kawo mini a nan yake ƙarewa.

Hanya ta farko ita ce wadda na fi gani a shagunan buga takardu: a yi ta juya abin da hannu har ido ya gamsu. Lamba ta fito a juye, sai a sake buga ta a juye don ta fito daidai. Aya ta tafi dama, sai a sa ta a farkon jimla. Ba na raina masu yin haka, domin in allon talla za a buga, a mai da rubutun zane a kai wa inji, babu wanda zai san an yi. Sai dai abin da ke cikin fayil ɗin ya zama ƙarya. Wanda ya kwafi lambar ya liƙa a waya zai samu 7890 a farko. In ka nemi lambar da `Ctrl+F` ba za ka same ta ba. Mafi muni, in an ƙara kalma ɗaya a sama har lambar ta faɗo a ƙarshen layi ta rabu biyu, rukunin ƙarshe ne zai zauna a layin sama, na farko ya sauko ƙasa. Kwamfuta tana jera kowane layi ne bayan ta yanke inda layin zai tsaya, don haka gyarar ido ba ta jure sauyin girman harafi ko faɗin takarda. Ni dai na daina, sai a kan abin da na tabbata yau za a buga shi a manta da fayil ɗin.

Hanya ta biyu ita ce ta Word kanta, kuma ita ce ta yaudare ni a wannan aikin. Word ba ta dogara da ƙa'idar Unicode kaɗai ba. Tana lura da harshen da kibod yake kai lokacin da ka danna kowane abu, sai ta yi masa shaida a ɓoye cewa wannan yanki na dama ne ko na hagu. Tazarar da ka danna kibod yana kan Larabci daban take da wadda ka danna yana kan Turanci, ko da yake ido ba ya bambanta su. Ni na saba in sauya kibod kafin in buga lambar waya, in buga ta dukanta har da tazararta, sannan in koma Larabci. Shi ya sa a kwamfutata ta zauna lafiya. In kuma rubutun wani ne aka kawo maka ya riga ya cakuɗe, akwai umarni biyu da ba sa fitowa fili, `Ltr Run` da `Rtl Run`. Ana ɗauko su ne daga `All Commands` a ɗora su a kan `Quick Access Toolbar`. Ka zaɓi lambar daga farkonta zuwa ƙarshenta, ka danna `Ltr Run`, ta miƙe.

Wannan hanya tana da daɗin aiki. Ba ka ƙara komai a cikin rubutun ba, bincike yana samun lambar, kuma in ka fitar da PDF abin da ka gani shi za a buga. Iyakarta ita ce shaidar nan a cikin fayil ɗin Word take zaune, ba a cikin haruffan ba. Da zarar an kwafe rubutun an kai shi inda ake karɓar tsurar rubutu, kamar WhatsApp ko saƙon tes, shaidar ta faɗi a hanya, ƙa'idar Unicode ta karɓi aiki. Abin da ya samu dattijon nan ke nan.

Hanya ta uku ita ce sa alamomin ɓoye, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce ta fi amfani kuma ita aka fi yin kuskure a kanta. Akwai haruffa biyu da ba su da siffa ba su da faɗi, sai alƙibla kawai. LRM, mai lamba `U+200E`, yana zama kamar harafin boko da ba a gani. RLM, mai lamba `U+200F`, yana zama kamar harafin dama zuwa hagu da ba a gani. Tunda 'yan bi-yarima maƙwabci suke dubawa, sai ka ajiye musu maƙwabcin da kake so su bi. A Word ka rubuta `U+200E` ka danna `Alt+X` nan take. Kar ka bar `U+` ɗin in akwai lamba a manne kafin wurin, domin Word za ta haɗa da ita ta fitar da wani harafi daban. A LibreOffice suna ƙarƙashin `Insert` sannan `Formatting Mark`, in an kunna tallafin rubutun dama zuwa hagu.

A lambar wayar, LRM ɗaya tak kafin lamba ta farko ya wadatar. Lambobin za su waiwaya baya su ga harafin boko, su zama na hagu zuwa dama gaba ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ma ta bi su. In an rubuta lambar da +234, wannan LRM ɗin dai shi ke hana alamar + tsallakawa ta koma dama da 234. Haka ma alamar ragi a lissafin kuɗi, wadda kan sa -500 ya fito 500-.

Sunayen jarrabawar kuwa matsalarsu kishiyar wannan ce. Waƙafin da ke tsakanin WAEC da NECO yana da boko a dama, boko a hagu, sai ya bi boko, duka sunayen uku suka zama dunƙule ɗaya mai tafiya daga hagu. Mai karatun ajami da ya taho daga dama, JAMB zai fara cin karo da ita, wadda ita ce ta ƙarshe. A jerin sunaye kawai ba wata asara ba ce, amma a takardar nan an ce "na farko a watan kaza, na biyu a watan kaza", don haka jerin yana da ma'ana. Da farko na ɗauka sauya waƙafin boko da na Larabci zai gyara, sai na ga bai gyara ba, domin waƙafin Larabci ma ba harafi ne mai alƙibla tasa ba. Abin da ya gyara shi ne RLM bayan kowane waƙafi:

```
WAEC، [RLM]NECO، [RLM]JAMB
```

Yanzu kowane waƙafi yana da boko a gefe ɗaya, harafin dama a ɗaya gefen, sai ya bi sakin layi, WAEC ta koma dama.

Akwai wani wuri a takardar da ya fi waɗannan haɗari, domin ba ya kama da kuskure. An rubuta NECO, waƙafi, sannan 45, sannan bayanin ɗaliban da ajami. Lamba tana manne wa harafi mai alƙibla na ƙarshe da ya gabace ta. Tunda O ɗin NECO ne ya gabace ta, sai 45 ta bi boko ta zauna dama da NECO, mai karatu ya gamu da 45 kafin sunan jarrabawar, ya jingina ta ga abin da ya gabata. RLM bayan waƙafin ya mayar da ita hagu inda ya kamata.

Wannan ɗabi'a ta lamba ita ce kuma raunin LRM. Tasirinsa ba ya ƙarewa a ƙarshen lambar wayar, yana ci gaba har sai an gamu da harafin ajami. In ka jera lambobin waya biyu da waƙafi a tsakani, LRM na farko zai haɗiye su duka su zama dunƙule ɗaya, ta farko a hagu. Sai ka rufe da RLM bayan ta farko, ka sake buɗewa da LRM kafin ta biyu. Shi ya sa na mai da shi al'ada: LRM a gaba, RLM a baya, ko da a lokacin ba na ganin amfanin na bayan.

Fa'idar alamomin nan ita ce haruffa ne na gaske, suna tafiya tare da rubutun in an kwafe shi. Illarsu kuwa ba a ganin su. Magatakarda zai zo gyara harafi ɗaya ya goge LRM bai sani ba. Kuma kar a kusanto da su inda na'ura za ta karanta, ba mutum ba: lambar asusu da za a kwafa zuwa manhajar banki, adireshin imel, kalmar sirri. Harafin ɓoye ɗaya yana iya sa a ce lambar ba daidai ba ce, kai kuwa kana kallonta lafiya lau. Abin farin ciki, lambar asusun bankin Najeriya goma ce a manne, babu tazara, don haka ba ta buƙatar komai. A bar ta yadda take. In kana zargin akwai abin ɓoye a wani wuri, liƙa rubutun a Notepad, danna dama ka zaɓi `Show Unicode control characters`, ko ka bi da kibiyar kibod a hankali. Inda ka danna sau ɗaya sandar rubutu ba ta motsa ba, akwai wani abu a nan.

A 2013, cikin Unicode 6.3, an ƙaro wasu alamomi da aka yi don toshe wancan raunin: LRI `U+2066`, RLI `U+2067`, FSI `U+2068`, da PDI `U+2069` mai rufewa. Waɗannan katanga suke yi. Abin da ke ciki ba ya shafar na waje, na waje ba ya shafar na ciki. In takardar za ta zama shafin intanet, ba sai ka sa su da hannu ba, HTML tana da nata:

```html
<p dir="rtl">... <bdi dir="ltr">0123 456 7890</bdi> ...</p>
```

A shafin intanet wannan ne zaɓina ba tare da shawara ba, musamman inda ake cusa sunaye daga jadawali, wani da boko wani da ajami, ba ka san wanda zai zo ba. A nan `<bdi>` marar `dir` yana duba harafin farko mai alƙibla ya yanke da kansa. Amma ga fayil ɗin da zai bi ta hannun shagon buga takardu ba na sa su, domin tsohuwar manhajar da ba ta san su ba tana iya nuna ɗan akwati a wurinsu ko ta yi biris da su, kuma a shagunanmu ba a rasa tsohuwar manhaja. LRM da RLM sun girme su nesa ba kusa ba, sun fi samun karɓuwa.

Hanya ta huɗu ba ta fasaha ba ce, ta mai fassara ce: raba faɗa ta hanyar sauya ginin jimla ko tsarin takarda. Tunda duk rikicin daga maƙwabtaka yake, sai a hana su zama maƙwabta. Maimakon waƙafi tsakanin WAEC da NECO, sa "da" na ajami, wanda harafi ne na gaske mai alƙibla, kuma Hausa ma ta fi son haka. Maimakon NECO, 45, rubuta "ɗalibai" da ajami kafin lambar, yadda muke faɗa a baki: NECO, ɗalibai 45. Kalmar ajamin ta yi aikin RLM, kuma ba mai goge ta bisa kuskure. Kuɗi a rubuta "naira" da ajami sannan 15,000, a bar alamar ₦, wadda kan koma dama da lambar in ajami ne ya gabace ta. Waƙafin cikin 15,000 ba ya motsi, domin waƙafi ɗaya tsakanin lambobi biyu ana ɗaukarsa ɓangaren lambar ne. Lambar waya kuwa a ba ta nata layin ko nata gidan a jadawali mai alƙiblar hagu zuwa dama, in kuma saƙon waya ne a rubuta sha ɗayan a manne. Ba ta kai mai tazara daɗin karantawa ba, amma ba ta juyewa a ko'ina.

Iyakar wannan hanya ita ce ba kowace takarda ke yarda a taɓa gininta ba. Takardar yarjejeniya, ko takardar shaidar karatu da za a fassara zuwa Larabci don neman gurbi a waje, dole lambar rajista ta zauna inda take, da karan ɗorinta da bakanta. A nan sai an koma ga `Ltr Run` ko alamomin ɓoye.

Wani abu kuma: ba duk abin da ya yi kama da juyewa ba ne kuskure. A takardar an sa lokacin karatu 4:30 - 6:00, ya fito 4:30 a dama, 6:00 a hagu. Magatakardan ya ce in gyara, na ce a'a. Mai karatu daga dama yake tahowa, zai fara ganin lokacin farawa, daidai ke nan. Abin lura shi ne shekarar karatu. In ka rubuta 2024/2025 da sanda, tana zama dunƙule ɗaya daga hagu. In ka rubuta da karan ɗori bayan kalmar ajami, 2024 za ta koma dama. Duk biyun ana karanta su, amma kar a gauraya su a takarda ɗaya. Ma'aunina shi ne: abin da za a kwafa ko a danna a na'ura, kamar lambar waya da lambar rajista, a riƙe shi dunƙule daga hagu. Abin da ake karantawa a matsayin magana, daga kaza zuwa kaza, a bar shi ya bi ajami.

Sai siffar lambobin. A Word akwai zaɓin `Numeral` a ƙarƙashin `Advanced`, kuma in yana kan `Context` lambobin da ke cikin ajami za su fito da siffar Larabci. Wannan saitin kwamfutar ne, ba na takardar ba, don haka a shagon bugawa suna iya fitowa da siffar boko, layuka su ɗan motsa. Shi ya sa ba na kai wa mai bugawa fayil ɗin Word, PDF nake kai masa.

To ga yadda nake zaɓa yanzu. Tambayar farko ita ce ina rubutun zai ƙare. In takarda ce kawai, `Ltr Run` da PDF sun isa. In zai bi ta WhatsApp ko tes, gina jimlar yadda ba za ta buƙaci taimako ba, abin da ya ƙi sai a sa masa LRM da RLM. In shafin intanet ne, `<bdi>`. In ba ka san inda zai ƙare ba, wanda shi ne mafi yawa, ɗauka zai ƙare a wayar wani.

Sanarwar makarantar na sake ta kashi biyu. Ta bugawa na bar lambar da tazararta a gidanta na jadawali. Ta zauren iyaye na rubuta lambar a manne a layinta ita kaɗai, na sa "da" tsakanin sunayen jarrabawa, na sa "ɗalibai" kafin 45, ban sa harafin ɓoye ko ɗaya ba. Kafin in tura wa magatakardan, na fara tura wa kaina, na danna lambar daga cikin saƙon, wayar shugaban makaranta ta yi ƙara.